Mai fenti a Dei-Dei da layuka huɗu na ƙasan hoto

Mai sayar da tayil a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei yana da abin da zai jingina a bakin shago. Na kasuwar katako yana da tulin katakonsa, mai saye ya zo ya ɗaga, ya duba ko ya bushe, ya ƙwanƙwasa ya ji. Mai fenti kuwa hajarsa tana jikin bangon wasu, a Kubwa ko Saburi ko Kagini ko Gwagwa, bayan ƙofar da ba shi da makullinta. In ya tsaya a bakin shagon fenti da rola da buroshi a cikin bokiti, wani Alhaji ya sauko daga mota ya ce, "Malam, ka iya aiki kuwa?", abin da zai yi shi ne ya goge hannu a wando ya ciro waya. Hotuna biyu zai nuna: bango kafin ya taɓa shi, da bangon bayan ya gama. Su ne kuma yake ɗorawa a WhatsApp da daddare, da ɗan rubutu a ƙasa.

Wannan ɗan rubutun ya fi hoton nauyi, ko da yake ba kowa ke karanta shi ba. Hoto fuskar bango kawai yake nunawa, kuma a sana'ar fenti fuska ita ce abu mafi sauƙin samu. Yaron da ya yi wata biyu yana bin ogansa zai iya shafe ɗaki ya yi fes ranar da aka gama. Abin da ke raba shi da gwani yana ƙarƙashin fentin: an kankare ko ba a kankare ba, bangon ya bushe ko an rufe shi da jiƙarsa, an toshe inda ruwa ke shigowa ko an bar shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a hoto. Sai dai a faɗa, kuma wurin faɗar shi ne ƙasan hoton.

Aikin da ya fi zuwa hannun masu fenti a wannan yanki shi ne gidan haya da ɗan haya ya tashi, mai gida yana son a gyara kafin wani ya shigo. Mu ɗauki falo guda, mai faɗin mita 4 da tsawon mita 5, bangonsa mita 3. Kewayensa mita 18 ke nan, a ninka da 3 a sami murabba'in mita 54, a cire ƙofa da tagogi ya rage wajen 48. Shafi biyu ake yi, wato 96. Fentin ruwa mai kyau, wanda ake kira imolshan, lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, saboda haka lita 12 ta ishi falon, bokitin lita 20 ya yi ragowa. Wannan lissafin kowa ya iya. Matsalar tana bangon da ya haɗa falon da banɗaki. Daga ƙasa zuwa kusan ƙugun mutum fentin ya kumbura yana ɓarewa, akwai wani farin gari kamar kanwa da ke fitowa, in ka shafa ya manne a yatsa, filastar kuma in ka danna ta da farce sai ta marmashe.

Farin garin nan gishiri ne. Ruwa ne ya ratsa bulo da siminti, ya narkar da gishirin da ke cikinsu, ya kawo shi fuskar bango, shi ya bushe ya bar gishirin a nan yana ture fenti. To daga ina ruwan yake? Amsar tana da muhimmanci, domin ita ke yanke irin aikin da za a yi da kuma abin da za a iya rubutawa daga baya. In danshin ya bi duk gindin bangon gidan, a kowane ɗaki, tsayinsa kusan ɗaya, da wuya ya wuce mita guda, yana ƙaruwa da damina yana ja baya da rani, daga ƙasa yake hawowa. Galibi ba a shimfiɗa ledar hana danshi a fandisho ba lokacin gini, ko an cika ƙasar tsakar gida ta haura inda ledar take. In kuwa bango ɗaya ne, ya fi tsanani a daidai inda shawa ko bututu yake ta baya, kuma bai san rani da damina ba, to famfo ne ke yoyo ko ruwa na bi ta tsakanin tayil. In tabon daga sama yake saukowa, a hau a duba kwano.

Masu fenti da suka san aikinsu suna da gwaji mai arha. A yanko leda mai faɗin kamu biyu, a manna ta a bangon da salatif, a rufe gefunanta huɗu ruf, a bar ta kwana ɗaya ko biyu. In an ɓare aka ga raɓa ta cikin ledar, ko bangon da ke ƙarƙashinta ya yi duhu, ruwan daga jikin bangon yake fitowa. In raɓar tana ta waje, iskar ɗakin ce ke da laima, buɗe taga ya fi kankare bango amfani.

A falon nan ruwan na banɗaki ne. Aikin gaskiya a nan yana farawa da mai gyaran famfo, ba da mai fenti ba. A toshe yoyon. Sannan a fasa filastar da ta lalace har a ga bulo, a ɗan haura inda tabon ya tsaya, a bar wurin ya sha iska. A sake filasta da siminti da yashi mai tsabta, a zuba maganin hana ruwa a kwaɓin. Daga nan sai haƙuri, wanda shi ne abin da ya fi tsada a sana'ar: sabuwar filasta tana son makonni uku zuwa huɗu kafin a ɗora mata fenti, da damina ma ta fi haka. Sai sikiridin don bango ya yi santsi, a goge da sanfefa, a share ƙura, a sa shafin farko na ƙasa, sannan shafi biyu na fenti, da tazarar sa'o'i tsakaninsu.

Akwai kuma gajeriyar hanya. A kankare abin da ya ɓare da safe, a cike ramukan da sikiridin, da rana a bi da fenti, wani ma ya fara sa fentin mai a wurin don tabon kada ya yi saurin ɓullowa. Kafin magariba an gama. Ga abin da ya sa nake wannan rubutu: in ka ɗauki hoton aikin wata guda da na aikin yini guda ranar da aka kammala su, ka ajiye su gefe da gefe, babu mai iya bambance su. Ni ba zan iya ba, mai fentin da ya shekara talatin ma ba zai iya ba. Bambancin zai fito ne bayan wata biyu ko uku, lokacin da sabon ɗan haya ya riga ya biya kuɗin shekara ya jera kujerunsa.

Shi ya sa rubutun da aka fi gani a ƙasan irin wannan hoto, "Mun magance danshi har abada", ko "Ya koma sabo fil", yake zama ƙarya ko da hoton bai yi ƙarya ba. Ba a taɓa hoton ba, bangon ne, falon ne, fentin ne. Amma wanda ya gani a Zuba ko Gwarimpa yana da nasa bangon mai kumbura, ya karanta ya ɗauka cewa wannan mutumin yana kashe danshi da rola, ya kira shi da wannan tsammanin. Rubutun ya zama alkawari ga mutumin da ba a ma haɗu da shi ba tukuna.

Ga yadda mai fenti zai rubuta in ya yi aikin wata guda ɗin:

"Falo a Saburi. Hoton farko 3 ga Fabrairu, na biyu 6 ga Maris, washegarin gama aiki. Bututun banɗaki ne ke yoyo, mai gyaran famfo ya canza shi. Mu mun fasa filasta zuwa mita ɗaya, mun sake ta, mun jira ta bushe, sannan sikiridin da shafi biyu. Tayil da labule mai gida ne ya sa."

Babu kirari a ciki, amma duk wanda ya taɓa fama da bango zai tsaya a kansa. Kwanan watan biyu sun gaya masa cewa aikin ya ɗauki wata, saboda haka in ya kira ba zai ce a gama masa ranar Juma'a ba. An faɗi inda ruwan ya fito da wanda ya toshe shi, don haka mai karatu ya san cewa akwai kuɗin mai famfo a gefe. Jimlar ƙarshe kuma ita ce wadda masu sana'a suka fi ƙyashin rubutawa. Sau da yawa abin da ke sa hoton bayan aiki ya burge ba fentin ba ne. Sabon tayil ne, silin ɗin filasta mai fitilu a ɓoye, labule, kujeru. Mai fentin da ya yi shiru ya bar ido ya jingina masa duk wannan ya ci guminsa ya haɗa da na mai tayil da na mai silin, alhali gobe tare za su tsaya a bakin kasuwa ɗaya suna jiran aiki. Kuma in aka ɗauke shi aka ga ɗakin bai yi kama da na hoto ba, shi za a tuhuma.

In danshin na ƙasa ne, rubutun ya canza, domin nan ikon mai fenti ya ƙare. Ba a shafa wa fandisho leda da buroshi. Abin da zai iya shi ne ya sake filastar gindin bango da maganin hana ruwa, ya ba da shawarar a rage ƙasar da ta taru a jikin bango ta waje, a yi dakalin siminti mai gangare, a karkatar da ruwan da ke zuba daga kwano zuwa kwata. Wannan yana rage matsalar sosai, wani lokaci shekaru, amma bai cire tushenta ba. Sai ya rubuta hakan: "Danshin daga ƙasa yake. Mun gyara filasta da fenti, mun yi dakali ta waje. Ba mu taɓa fandisho ba, yana iya dawowa in damina ta yi ƙarfi." Na san wannan layin yana da ɗaci a bakin mai neman abinci. Amma shi ne kaɗai zai iya nunawa ranar da mai gida ya kira shi a fusace cikin watan Agusta.

Haka tsagewar bango take. Ƙananan tsage-tsage masu kama da gashi, da suka bazu ko'ina a fuskar filasta, na filastar ne kawai, ta bushe da gaggawa ko an cika mata siminti, sikiridin yana rufe su su tafi. Amma tsagar da ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, wadda ta fi buɗewa a gefe ɗaya, wadda in ka zagaya bayan ɗakin za ka same ta a daidai wurin, wannan ginin ne ke motsi. A ja layin fensir a ƙarshenta a rubuta kwanan wata, a dawo bayan wata guda, in ta wuce layin tana raye. Mai fenti zai iya cike ta ya shafe, hoton ya yi kyau. Kalmar da ta halatta a gare shi ita ce "mun cike". "Mun gyara" ta magini ce ko injiniya.

Sai shi hoton kansa, domin ana iya rubuta gaskiya a ƙasan hoton da aka riga aka murɗe. Dabarun ba ɓoyayyu ba ne, wasu ma ba da gangan ake yin su ba. Hoton farko ana ɗaukarsa ranar da aka je duba aiki, sau da yawa da yamma, babu wuta, tagogi a rufe, tarkacen wanda ya tashi a zube, a matsa kusa da wurin da ya fi muni. Na biyu kuma da hantsi, an buɗe ko'ina, an share, an ja baya zuwa bakin ƙofa, an danna 0.5x a kyamara har falon mita 4 ya yi kama da zauren taro. Waya kuma tana ƙara haske da kanta in ta ga farin bango. Rabin bambancin da ido ke gani tsakanin hotunan biyu rana ce da tsintsiya suka yi shi.

Maganin wannan ba ya cin ko sisi. Ranar da aka ɗauki na farko, a yi alama da alli a inda aka tsaya, a lura da lokaci. Ranar na biyu a koma kan alamar, a lokaci ɗaya, tagogi yadda suke, wayar a tsayi ɗaya, kuma wurin da ya lalace ya fito a duka biyun. A bar wani abu da bai canza ba ya shiga hoton, makunnin fitila ko ƙarfen taga, don mai kallo ya tabbata ɗaki ɗaya ne. A jira fenti ya bushe, domin ɗanyen fenti yana sheƙi, yana ɓoye sawun rola da wuraren da shafin bai kama ba, launinsa ma ba shi ne na gobe ba. Kada a taɓa launi da haske a waya. Na taɓa jin wani dattijon mai fenti yana faɗa wa yaronsa da ya miƙo masa hoton da ya gyara har bangon yana walƙiya: "Kai, wannan kalar a wane shago za ka sayo ta in Hajiya ta ce ita take so?" Yaron ya ce, "Oga, kowa haka yake yi." Ya ce masa ya mayar da shi yadda yake.

Akwai wanda ma ba ya wahalar da kansa da wannan duka, sai ya kwafo hoton aikin wani ya sa lambarsa. Ana gane su da ɗan lura: soket ɗin bangon ba irin namu mai ƙafa uku ba ne, ko akwai na'urar ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga, abin da ba wanda ya taɓa buƙata a Dei-Dei. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne yaron da ya bar ogansa ya tafi da hotunan ayyukan da suka yi tare. Yana wurin, hannunsa ya taɓa bangon, ba ƙarya ya yi ɗungurungum ba. Amma wanda ya haɗa kalar, ya yanke cewa a fasa filasta, ya san ranar da ta bushe, ogan ne. Gyaran abin kalmomi kaɗan ne: "Aikin da na yi a ƙarƙashin maigidana." Wannan ba ya rage masa daraja. A wurin mutanenmu, a san wanda ya koya maka shaida ce.

Maganar ba sabuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Yaro ma ya ji labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na mai sayar da hatsi da ruwan sama ya jiƙa masa kaya, ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa busasshen a sama, Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu ya ji laima, ya tambaye shi dalilin da bai ɗora shi a sama mutane su gani ba, ya kuma nisanta kansa daga mai algus. Hatsin da ke sama na gaske ne, mutumin bai ƙirƙiri komai ba, abin da ya bari a ƙasa ne laifinsa. Bangon da aka rufe da jiƙarsa aka ɗauki hotonsa bai da nisa da wannan. Dokar ƙasa ma ta san da zancen: dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana mai sayar da kaya ko mai yin aiki ya yi bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa a kan abin da yake tallatawa. Ba kasafai rigimar fentin falo ke kaiwa can ba. A bakin shagon fenti ake yanke ta, ranar da wani ya tambayi mai shago wa zai ɗauka, mai shagon ya ambaci sunan wani ya tsallake naka.

Hoton da ya fi kowanne daraja a wannan sana'a shi ne na uku, kuma kaɗan ne ke da shi. Ruwan Abuja yana farawa wajen Afrilu ya kai Oktoba, yana tsananta a Agusta da Satumba. Bangon da aka gyara a Fabrairu bai ga komai ba tukuna, rani ne, in danshin na ƙasa ne ko ba a yi masa komai ba zai bushe. Mai fentin da ya koma gidan a Nuwamba, ya yi sallama, ya roƙi a bar shi ya tsaya kan tsohuwar alamarsa ya ɗauka, ya rubuta "Bangon nan bayan damina ɗaya", ya riƙe abin da ba a samu da dabarar kyamara. In kuma ya tarar gindin bangon ya ɗan tashi, ya koyi wani abu game da kwaɓinsa ko game da gidan, ya gyara kafin a kira shi. Kuɗin motar zuwa Saburi ko Kagini bai kai ribar wannan ba.

Komawar tana tuna mana cewa ɗakin na wasu ne. Kafin a ɗora hoton cikin gidan mutum a tambaye shi. Sunan unguwa ya isa, ba a sa lambar gida ko hoton ƙofar waje, ba a bari hoton iyali da ke rataye ko lambar mota ko matan gida su shiga. Hoton kafin aiki musamman yana da kunya a cikinsa: bangon da ya ruɓe, banɗakin da ya yi baƙi. Masu aikin wanke gidaje da kujeru da tankin ruwa sun fi kowa sanin haka, domin abin da suke nunawa a hoton farko dattin wani ne, kuma maƙwabta suna gane labulen juna. Su ma ƙa'idarsu ɗaya ce da ta mai fenti: kujerar da aka ɗauka tana jiƙe ta fi tsabta a ido, sai ta bushe tabon da ke cikin soso yake sake hawowa, don haka a jira, a kuma rubuta tabon da bai fita ba.

Saura aikin da ya fi kowanne sa mai fenti a tsaka mai wuya. Mai gida ko ejan ya kira, an nuna masa ledar da raɓa a cikinta, an yi masa bayanin famfo da filasta da makonni huɗu, ya ce, "Malam, ni ba ni da wannan lokacin, jibi za a zo ganin gida. Ka shafe kawai." Wasu suna ƙin aikin, kuma ina ganin girmansu. Da yawa suna karɓa, domin akwai cefane, kuma shafe bango ba haramun ba ne in an gaya wa mai shi gaskiya. Abin da bai kamata ba shi ne a ƙara ɗaukar wannan aikin a mai da shi talla. Ko dai hoton ya zauna a waya kada ya fita, ko ya fita da bayaninsa: "Shafe kawai aka yi bisa buƙatar mai gida, ba a gyara yoyon ba." Mai gidan ba zai so wannan rubutun ba, ejan ma haka, don haka kusan kullum hoton zama yake yi. Mai fentin kuma ya tura wa mai gidan saƙo a rubuce ranar da ya gama, ya ce ya shafe bangon banɗaki yadda aka umarce shi, yoyon yana nan, fentin zai iya tashi cikin 'yan watanni, ya ajiye saƙon tare da hoton ledar.